Yadda Ake Duba Ingancin Rahoton Wata-wata na Ƙananan Asibitoci Kafin a Tura Shi Sama

Duk ƙarshen wata, ƙananan asibitocin unguwanni a Jos suna tattara aikin da suka yi a fom guda, su kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman a manhajar DHIS2, wadda ita ce rumbun bayanan lafiya da Najeriya take amfani da shi. Daga nan jiha ta gani, Abuja ta gani, a yanke shawarar inda za a ƙara magani da inda za a tura ma'aikata. Wannan bayanin na wanda fom ɗin nan yake bi ta hannunsa ne. Tambayoyi huɗu ake yi wa kowane rahoto: ya cika? ya zo kan lokaci? abin da aka rubuta ya bi ƙa'ida? alƙaluman sun dace da juna? Zan bi su da wannan jeri, domin biyun farko ƙirge ne kawai, na uku yana share hanya, na huɗu kuwa shi ne mai cin lokaci da tunani.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Ƙirƙirarsa na yi don koyarwa, alƙalumansa ba na wani asibiti ba ne. A ƙaddara kana kula da asibitoci 12, kana jiran rahoton watan Maris na 2025, kuma an tsayar da 5 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe ta kawo rahoto. Kai ka yi amfani da ranar da ofishinku ya tsayar.

Shirya takardar aiki tukuna

Buɗe Excel, ka ba kowane asibiti layi ɗaya, daga layi na 2 zuwa na 13. Ka rubuta sunayen duka 12 tun kafin rahoto ko ɗaya ya iso. Wannan ƙaramin abu ne mai muhimmanci: in sai wanda ya kawo kake rubutawa, wanda bai kawo ba zai ɓace maka ba tare da ka lura ba.

A jerin A sa sunan asibiti, a B watan rahoto, a C ranar da fom ya shigo hannunka. Sauran huɗun na alƙaluma ne. D da E na allurar rigakafin yara ce mai kare cututtuka biyar, wadda ake rubutawa Penta a fom, ana yin ta sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. D na Penta 1 ne, E na Penta 3. F shi ne adadin waɗanda aka yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro, G kuma waɗanda gwajin ya nuna suna ɗauke da cutar. Fom ɗin wata yana da gurabe masu yawan gaske, kuma wanda ya ce zai bi su duka da natsuwa kowane wata zai gaji a wata na biyu. Zaɓi huɗu zuwa shida waɗanda ake yanke shawara a kansu, ka riƙe su da kyau.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafin fayil ɗin yadda ya zo. A kwafi na biyu ake aiki.

Mataki na farko: ya cika?

Cika iri biyu ce. Ta farko, rahotanni nawa suka zo cikin waɗanda ake jira. A misalinmu 11 suka zo cikin 12, wato kusan kashi 92 cikin ɗari. Kada lambar ta ruɗe ka, ka duba wane ne bai kawo ba. In ƙaramin wuri ne mai ganin yara goma a wata, jimillar ba za ta motsa sosai ba. In kuwa shi ne asibitin da ya fi kowa cinkoso, to kana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na yaran yankin alhali takarda tana ce maka 92.

Ta biyu, cikin rahotannin da suka zo, gurabe nawa aka bari ba a cike ba:

```
=COUNTBLANK(D2:G13)
```

A ce ya ba ka 7. Huɗu daga ciki na asibitin da bai kawo rahoto ba ne, saura uku ke nan cikin gurabe 44 na waɗanda suka kawo. An cike 41, wato kashi 93.

A nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya ga gurbi ba kowa, sai ya sa sifili don takarda ta yi kyau. Sifili magana ce: an buɗe asibiti, an duba, ba a samu ko mutum ɗaya ba. Gurbin da aka bari kuwa bai ce komai ba. Wataƙila kayan gwaji ne suka ƙare, wataƙila mai rijistar ya tafi hutu, wataƙila mantuwa ce. In ka mayar da shi sifili a jerin F, ka shaida wa na sama cewa ba a sami mai zazzaɓi ba a wannan unguwa duk watan, alhali gaskiyar ita ce kayan gwaji suke buƙata da gaggawa. Haka kuma a DHIS2, akwai guraben da ba sa ajiye sifili sai an saita su a kan haka, don haka gurbi mara komai a allo ba lallai ya zama mara komai a takarda ba. Duba fom ɗin da idonka, sannan ka kira mai kula da asibitin ka tambaya. Amsar da ya ba ka ita za ka rubuta.

Mataki na biyu: ya zo kan lokaci?

Wannan ba ya da wuya, matuƙar kana rubuta ranar karɓa a lokacin da fom ya shigo, ba daga baya da ka ba.

```
=COUNTIF(C2:C13,"<="&DATE(2025,4,5))
```

In ya ba ka 8, ka raba da 12, ba da 11 ba, domin wanda bai kawo ba ma bai zo kan lokaci ba. Kashi 67 ke nan. Sai ka lura da wanda yake makara wata bayan wata. Sau da yawa dalilin ba lalaci ba ne: kuɗin mota ne, ko mutum ɗaya ne yake riƙe da rigakafi da awon ciki da rijista duka. Sanin dalilin shi ne zai nuna maka maganin. Kuma rahoton da ya iso bayan an gama raba kayan wata mai zuwa, ko daidai yake ɗari bisa ɗari, amfaninsa ya riga ya ragu.

Mataki na uku: ya bi ƙa'ida?

Tambayar a nan ita ce, abin da ke cikin gurbin irin abin da ya kamata ya zauna a wurin ne? Adadin yara lamba ce cikakkiya. Ba ya zama 12.5, ba ya sauka ƙasa da sifili, ba ya ɗauke da harafi. Akwai dabara mai sauƙi ta kama harafin da ya ɓuya cikin lambobi:

```
=COUNTA(D2:G13)-COUNT(D2:G13)
```

Na farkon yana ƙirga duk gurbin da aka rubuta wani abu, na biyun yana ƙirga lambobi zalla. In amsar sifili ce, lafiya. In ta ba ka 1, akwai gurbin da ya yi kama da lamba amma ba ita ba ce. Galibi za ka tarar an buga harafin O a maimakon sifili, 40 ta zama 4O. Ido ba ya saurin kamawa, kuma Excel zai tsallake gurbin wajen haɗa jimilla ba tare da ya yi maka ko tari ba, yara arba'in su salwanta daga lissafi. Alamar da za ta taimaka maka ita ce, lamba tana jingina da gefen dama na gurbi, rubutu kuma da gefen hagu, sai dai in wani ya sauya tsarin.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ne a gaba. Ka buga 05/04/2025 kana nufin 5 ga Afrilu, kwamfuta ta karanta 4 ga Mayu, sai asibitin da ya kawo a kan kari ya koma cikin masu makara da wata guda. In ka ga ranar da ba ta riga ta zo ba a jerin C, ko wasu ranakun suna dama wasu suna hagu, to wannan ne. Gyara shi, ka sake lissafin mataki na biyu.

Sai sunaye. Unguwa ɗaya ana iya rubuta ta Tudun Wada, T/Wada, Tudunwada, kuma kwamfuta za ta ɗauke su wurare uku. Ka yi jerin sunaye guda ɗaya yadda suke a DHIS2, ka kulle jerin A da shi ta hanyar Data Validation, yadda ba mai buga suna da ka, sai dai ya zaɓa.

Mataki na huɗu: sun dace da juna?

Lamba tana iya bin duk ƙa'ida, ta zo kan lokaci, kuma ta zama ƙarya. Hanyar gane haka ita ce gwada ta da wasu lambobin da ya kamata su yi mata shaida. Gwaji uku ne: da maƙwabtanta a cikin fom, da watannin baya, da kuma rijistar da aka ciro ta.

A cikin fom, akwai abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, akwai kuma abin da ba a saba gani ba, kuma dole a bambanta su. Waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar ba za su fi waɗanda aka gwada yawa ba. In G ya fi F, kuskure ne, ba gardama. Amma Penta 3 ta fi Penta 1 a wata guda abu ne mai yiwuwa, ko da yake an fi ganin akasin haka, tunda wasu yaran sukan fara ba su ƙarasa ba. In an fita bin gida-gida neman yaran da suka tsallake, ko jama'a sun ƙaura sun shigo unguwar, hakan na iya faruwa da gaske. Saboda haka a jerin H ka sa alamar da za ta ja hankalinka kawai:

```
=IF(G2>F2,"KUSKURE",IF(E2>D2,"A DUBA",""))
```

Ja shi zuwa layi na 13. A misalinmu asibiti na bakwai ya fito da "A DUBA": Penta 1 ɗinsa 41, Penta 3 kuma 83.

Yanzu gwaji na biyu. Ɗauko rahotanninsa na wata shida da suka wuce. Penta 1 tana yawo tsakanin 38 da 45, don haka 41 tana gidanta. Penta 3 kuwa ba ta taɓa wuce 38 ba, ga ta yau ta ninka. Ƙa'idar da nake ba da shawara ga mai farawa ita ce, duk lambar da ta ninka abin da aka saba ko ta faɗo zuwa rabinsa a sa mata alama. Amma a kula da yanayi. Zazzaɓin cizon sauro yana tashi da damina, saboda haka alƙaluman Agusta da Agustan bara ake gwada su, ba da Fabrairu ba. Rigakafin yara ba ya irin wannan hawa da sauka, shi ya sa 83 ɗin nan take buƙatar bayani.

Hankalinka zai ce maka 38 ce aka juya ta zama 83, kuma mai yiwuwa ka yi gaskiya. Duk da haka kada ka gyara a kan teburinka. Wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ya riƙe. Ran da ka fara sauya lamba bisa zato, daga ranar ba wanda zai iya rantsuwa cewa abin da ke DHIS2 shi ne abin da ya faru a asibiti, kuma wata rana zaton naka zai goge aikin gaske da wata ma'aikaciya ta sha rana ta yi. Ɗauki waya: "Hajiya, barka da aiki. Na ga Penta 3 ɗinku ta kai 83 a Maris. Kun fita rigakafi cikin unguwa ne, ko mu duba rijista tare?" Tambaya irin wannan tana buɗe ƙofa. In da faɗa ka fara, wata mai zuwa za a kawo maka lambobi masu santsi da ba za ka iya kama su ba.

Gwaji na uku a asibitin ake yin sa. Ka nemi abu uku a kan tebur: rijistar rigakafin yara, takardar da ake yin tsinke-tsinken ƙidaya a ranar allura, da kwafin fom ɗin da suka ajiye. Buɗe rijista daga 1 zuwa 31 ga Maris, ka bi jerin Penta 3 da yatsa, kana ƙirga waɗanda kwanan watan allurarsu ya faɗo cikin Maris kaɗai. Ka kula, galibin yaran nan tun Janairu ko kafin nan aka yi musu rijista, don haka sai ka koma shafukan baya. Ku ƙirga ku biyu, kowa da nasa, sannan ku gwada. A ce kun samu 38, takardar ƙidaya ma ɗauri bakwai na biyar-biyar da tsinke uku, 38. Fom ne kaɗai ya ce 83. Kuskuren wajen kwafa ya faru.

Raba abin da ka ƙirga da abin da aka kai rahoto: 38 a raba da 83 ya ba da 0.46. In amsar 1 ce, rahoto da rijista sun yi daidai. Ƙasa da 1 an kai fiye da abin da aka yi, sama da 1 an kai ƙasa da shi. Masu wannan aiki sun saba karɓar abin da ya faɗo tsakanin 0.9 da 1.1.

Akwai shaida ta huɗu da mutane suke mantawa da ita, wato littafin shige da ficen allura. Kwalbar Penta da aka saba rabawa tana ɗauke da allurar yara 10. In Penta 1 41 ce, Penta 2 39, Penta 3 83, jimilla 163 ke nan, ana buƙatar kwalba 17. Littafin kuwa ya nuna 13 aka buɗe, wato allura 130. Ko an haɗa da ragowar kwalbar da ta kwana daga Fabrairu, 163 ba za ta fito ba. Da 38 kuwa jimillar 118 ce, ta zauna daram cikin kwalba 13 har da 'yar asarar da ba a rasawa. Wannan gwajin ko ta waya ana yin sa, in zuwa asibitin bai samu ba.

Dubi abin da lamba ɗayan nan ta so ta jawo. A ce jimillar asibitoci 11 ɗin ita ce Penta 1 520, Penta 3 505. Ana lissafin yaran da suka fara ba su ƙarasa ba ta hanyar ɗebe na biyu daga na farko a raba da na farko: 15 cikin 520, kusan kashi 3. Kowa zai ce madalla. Bayan gyara, Penta 3 ta koma 460, giɓin ya zama 60, wato kashi 11.5, ya haura kashi 10 da ake ɗauka a matsayin iyakar da in an wuce ta sai a tashi tsaye. Da an tura rahoton yadda ya zo, ba wanda zai ce a bi sawun yaran nan.

Jerin dubawa

Buga wannan a takarda guda, ka riƙa cikewa da e ko a'a kowane wata:

1. An ajiye kwafin asali kafin a taɓa komai?
2. Sunan kowane asibitin da ake jira yana cikin jeri, har wanda bai kawo ba?
3. Rahoto nawa ya zo, kuma wanda bai zo ba babba ne ko ƙarami?
4. An tambayi dalilin kowane gurbi mara komai kafin a sa masa sifili?
5. An rubuta ranar karɓa, kuma nawa ne suka zo kan lokaci cikin duka waɗanda ake jira?
6. Akwai harafi, ɓarin lamba, ko ranar da ba ta riga ta zo ba?
7. Akwai inda masu cutar suka fi waɗanda aka gwada, ko Penta 3 ta fi Penta 1?
8. Akwai lambar da ta ninka ko ta faɗo rabi in an gwada da watannin baya?
9. An koma rijista kan duk lambar da aka sa wa alama?
10. An rubuta kowane gyara da dalilinsa?

Jerin nan yana da iyaka. Ba zai kama yaron da aka yi wa allura ba a rubuta shi ko'ina ba. Ba zai kama wanda ya zauna ya ƙirƙiri lambobi masu kama da gaskiya ba, sai dai akwai alamomi: lamba ɗaya tana maimaituwa wata uku a jere, ko kullum alƙaluma suna ƙarewa da sifili ko biyar, ko Penta 1 da 2 da 3 duk adadi guda. Saboda haka duk wata uku ka zaɓi asibiti biyu da ba su nuna wata matsala ba, ka je ka sake ƙirga rijistarsu kamar yadda muka yi wa na bakwai.

Rubuta gyaran

In an tabbatar da kuskure, mai kula da asibitin ne zai gyara fom: ya ja layi ɗaya a kan 83 yadda har yanzu ana iya karanta ta, ya rubuta 38 a gefe, ya sa hannu da kwanan wata. Ban da farin fenti na gogewa. A gyara kwafinsu da naka duka, sannan a gyara DHIS2, in ba haka ba mai sa ido daga jiha zai zo ya tarar da lambobi biyu masu saɓani. Kai kuma ka buɗe shafi na daban a fayil ɗinka mai gurabe shida: asibiti, wata, gurbin da aka gyara, tsohuwar lamba, sabuwa, da abin da aka dogara da shi. Na asibiti na bakwai zai ce: Maris 2025, Penta 3, daga 83 zuwa 38, an sake ƙirga rijista da takardar ƙidaya, littafin allura ya tabbatar. Bayan wata shida, shafin nan zai nuna maka ko kurakuran wajen kwafa suke taruwa ko wajen shigarwa, da kuma asibitin da ya kamata a zauna da ma'aikacinsa a bi fom ɗin gurbi-gurbi kafin ƙarshen wata mai zuwa.